Daga sa'o'i 4,000 zuwa kallo miliyan 10

Kafin 2012, YouTube ya fi ba yawan dannawa muhimmanci. A shekarar ce ya koma auna daɗewar mutum yana kallo, sai dogon bidiyo ya samu gata. A 2018 aka gindaya sharaɗin shiga tsarin rabon kuɗin talla: mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin wata 12.

Da TikTok ya janye hankalin matasa, YouTube ya fito da Shorts a Indiya a 2020, ya baza shi duniya a 2021. Sai a Fabrairun 2023 gajeren bidiyo ya shiga rabon kuɗin talla, da nasa ma'aunin daban: mabiya 1,000 da kallo miliyan 10 cikin kwana 90. Mai dogon bidiyo yana karɓar kashi 55 na kuɗin tallar da aka ɗora wa bidiyonsa. Na Shorts kuwa a tukunya ɗaya ake tarawa, a raba gwargwadon kallo, mutum ya ɗauki kashi 45 na rabonsa.

A ce wani saurayi a Maraɗi ya je gonakin rani na Jiratawa ya ɗauki bidiyon minti 12 kan noman zogale, tun daga shuka har yankan ganye. In kowane mai kallo ya tsaya minti 6, kallo 40,000 zai cika masa sa'o'i 4,000, kuma yana da shekara guda cur. In ya yayyanka shi guntu-guntu ya bi hanyar Shorts, sai ya samu kallo sama da 111,000 kullum, wata uku ba fashi. Abin da ke ba ni takaici shi ne, da yawa ba su san lokacin da aka ɓata a jerin Shorts ba ya shiga lissafin sa'o'in nan ba. Lambobi na ta hauhawa, ma'aunin kuma bai motsa ba.

Hanyar isa ga mai kallo ma ba ɗaya ba ce. Manomin Tibiri da ya rubuta "noman zogale" nema ya zo yi, sunan bidiyon da hoton goshinsa ne za su jawo shi, ko da bara aka ɗora. Gajeren bidiyo kuwa galibi turo shi ake yi, abin dubawa shi ne mutum ya tsaya ko ya zarce.

Daga Oktoban 2024 Shorts ya kai minti 3, saboda haka bidiyon tsaye mai minti biyu yanzu dokar gajere ce ke kansa. Tallar tsakiya kuma sai bidiyo ya kai minti 8.

Shawarata ga mai ilimin koyarwa a harshen Hausa: ya gina tasharsa kan dogo, gajeren ya zama ɗan shela. Kafin ya ƙona forfe ɗinsa kuma, ya duba jerin ƙasashen da tsarin biyan ya shafa, domin an daɗe Najeriya na ciki, Nijar ba ta ciki.