Asalin Kalma: Gatana

A Daura, idan an ci tuwon dare, kaka ba ta fara labari kai tsaye. Sai ta ce, “Ga ta nan, ga ta nanku.” Jikoki su amsa, “Ta zo mu ji ta.” Daga wannan mabuɗi kalmar “gatana” ta fito. “Ga” ta nuni ce, “ta” na nufin tatsuniya, “nan” kuma wuri. Saurin baki ya haɗe ukun suka zama suna guda, wanda ake yawan ji a Nijar, maƙwabciyar Daura, a madadin tatsuniya.

Sunan yana tunatar da mai rubuta gatana cewa abin na baki biyu ne. Saboda haka a raba mabuɗin kalma-kalma, muryar kaka a layi ɗaya, amsar yara a layi na biyu. A bar wa Gizo tsamin bakinsa: idan ya durƙusa a fada ya ce “shayki”, kada a gyara masa zuwa “sarki”, domin nan dariyar take. Inda kaka ta ce “yana ta tafiya, yana ta tafiya”, a bar maimaicin, shi ke auna nisan hanya.

Gatana ba ta neman a gaskata ta. Shi ya sa Badauri ba zai sa labarin Bayajida da rijiyar Kusugu a sahunta ba. In an gama rubutun, a karanta wa yara da ƙarfi. Inda suka yi shiru alhali a da suna dariya, nan alƙalami ya ɓata.