Matakan warkewar rauni da zaɓen abin rufe shi: darasi daga Sabon Birni

A ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa, inda hare-haren 'yan bindiga suka yawaita, wanda harsashi ya samu yakan daɗe a hanya kafin ya isa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Don haka darasin kula da rauni ga ma'aikatan lafiya ya rataya ne a kan matakai huɗu.

Da farko jini yana daskarewa cikin mintuna, kuma abin da ake buƙata shi ne danne wurin da ƙyalle mai tsabta. Sai kumburi da ja da zafi, waɗanda kan kai kwana 4 zuwa 6. Daga nan har kusan kwana 21 jan sabon nama ke tsirowa. Ƙarfafar tabo kan ci shekara, kuma ba ya wuce kusan kashi 80 cikin 100 na ƙarfin fatar asali.

Raunin harsashi ba a ɗinke shi a ranar farko, domin ɗinkin kan kulle datti a ciki. Likita yana yanke mataccen nama, a wanke da ruwan gishirin asibiti, a lulluɓe da busasshen bandeji mai kauri, a yi allurar rigakafin sandarewar wuya. Idan wurin ya yi tsabta a kwana na 4 ko na 5, sai a ɗinke. Idan an bar shi ya cike da kansa, bandeji mai basilin ya fi dacewa, domin busasshe yana manne wa sabon nama ya yage shi.

Wari, mugunya, zazzaɓi ko kumburi mai yaɗuwa alamu ne na ruɓewa, kuma suna wajabta buɗe raunin nan take.