Yadda ɗalibi zai lissafa makin da yake buƙata a sauran takardun WAEC domin samun gurbi a jami'a

Sakamakon jarrabawar UTME ta hukumar JAMB yakan fito ne tun ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare ba su kammala jarrabawar WAEC ba, wadda ake rubutawa a watannin Mayu da Yuni. A wannan tsakanin ɗalibi ya riga ya san makinsa na UTME, ya rubuta wasu darussa, wasu kuma suna gabansa. Da ɗan lissafi zai iya gane sakamakon da yake buƙata a takardun da suka rage, ko kuma ya gane tun da wuri cewa kwas ɗin da ya zaɓa ya yi masa nisa.

Yadda jami'o'i ke haɗa maki

Babu tsari guda da ya shafi dukkan jami'o'in Nijeriya. Kowace jami'a ce ke tsara yadda za ta haɗa maki, don haka matakin farko shi ne ɗalibi ya nemi sanarwar jami'ar da ya zaɓa ta wannan shekarar. Misalai biyu sun isa su nuna bambancin.

Jami'ar Ibadan ta saba raba maki 100 gida biyu: 50 daga UTME, 50 daga jarrabawar tantancewa da ake kira Post-UTME. A irin wannan tsari sakamakon sakandare sharaɗi ne kawai. Muddin ɗalibi ya samu kiredit a darussan da ake buƙata, A1 da C6 duk ɗaya ne wajen haɗa jimilla.

Jami'ar Legas kuwa, a tsarin da ta yi amfani da shi a shekarun baya-bayan nan, tana ba UTME maki 50, jarrabawar tantancewa maki 30, sakamakon sakandare kuma maki 20. Ana raba makin UTME da 8, domin jarrabawar maki 400 ce, kuma 400 a raba da 8 shi ne 50. Maki 20 na sakandare suna fitowa ne daga darussa biyar da suka shafi kwas ɗin, kowane darasi bisa matakin da aka samu:

A1 = 4.0
B2 = 3.6
B3 = 3.2
C4 = 2.8
C5 = 2.4
C6 = 2.0

D7 da abin da ke ƙasa da shi ba kiredit ba ne. Wanda ya samu haka a ɗaya daga cikin darussan biyar ya rasa sharaɗin shiga gaba ɗaya, komai yawan makinsa na UTME. A tsari irin na Legas ne lissafin sauran takardu ke da amfani sosai, don haka da shi za a yi misali.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauka wata ɗaliba ce da ke neman wani kwas na fannin lafiya, wanda darussansa biyar su ne Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Ta samu 280 a UTME. A ƙaddara kuma jimillar da take son kaiwa 75 ce.

Da farko za ta mayar da makin UTME zuwa ma'aunin jami'ar: 280 a raba da 8 ya ba da 35. Wannan adadi ya zauna, babu abin da zai canza shi.

Sai jarrabawar tantancewa, wadda ba a yi ba tukuna. A nan dole ta yi ƙiyasi, kuma ƙiyasin da ya fi aminci shi ne wanda ya fito daga gwada tambayoyin shekarun baya a cikin ƙayyadadden lokaci. Idan abin da take yawan samu 24 ne cikin 30, da shi za ta yi aiki.

Abin da ya rage wa sakamakon sakandare shi ne:

75 − 35 − 24 = 16

Wato tana buƙatar maki 16 cikin 20. Idan ta riga ta gama Turanci da Bayoloji, kuma bayan bitar amsoshinta tare da malamanta tana sa ran C4 a Turanci da B3 a Bayoloji, to tana da 2.8 da 3.2, jimilla 6.0. Saura maki 10 ke nan daga Lissafi, Fiziks da Kemistiri.

A nan ne ɗalibai da dama ke kuskure. Idan aka raba 10 gida uku za a samu kimanin 3.3, sai a ɗauka cewa B3 a kowane darasi ya wadatar tunda ya yi kusa. Amma B3 uku 9.6 ne, sun gaza da 0.4. Matakan ba su da rabi, ko dai a hau matakin ko a tsaya a na ƙasa. Mafi ƙarancin abin da zai kai ta 10 shi ne B2 ɗaya da B3 biyu. Haka kuma A1, B3 da C4 ma 10 ne daidai. Hanya ta biyu ta fi dacewa da ɗalibar da ta ƙware a darasi guda amma take da rauni a wani. Sai dai duk hanyoyin biyu a bakin iyaka suke. Idan Turancin da ta yi tsammanin C4 ya fito C5, lissafin ya rushe. Saboda haka abin da ya kamata ta sa a gaba shi ne mataki ɗaya sama da buƙata, kamar B2 biyu da B3 ɗaya, wanda ya ba da 10.4.

Daga mataki zuwa makin takarda

Sanin cewa ana buƙatar B2 bai isa ba, sai an mayar da shi adadin makin da za a nema a ɗakin jarrabawa. Ma'aunin da aka saba bayarwa na WAEC shi ne: A1 daga kashi 75 cikin 100 zuwa sama, B2 daga 70 zuwa 74, B3 daga 65 zuwa 69, C4 daga 60 zuwa 64, C5 daga 55 zuwa 59, C6 kuma daga 50 zuwa 54.

Kemistiri yana da takardu uku. Ta farko tambayoyin canki-canka ce mai maki 50, ta biyu ta dogon bayani ce mai maki 100, ta uku kuma ta aikin ɗakin gwaje-gwaje ce mai maki 50. Jimilla 200 ke nan, don haka kashi 70 na B2 ya zama maki 140.

A ɗauka an gabatar da takardar ɗakin gwaje-gwaje kafin sauran biyun. Idan ɗalibar tana ganin ta samu 34 cikin 50 a wannan takarda, saura mata 106 cikin maki 150 da suka rage, wato kusan kashi 71 cikin 100. Tana iya raba su, alal misali 38 a canki-canka da 68 a dogon bayani. Da a ce 25 kacal ta samu a ɗakin gwaje-gwaje, buƙatar za ta tashi zuwa 115 cikin 150, kusan kashi 77. A irin wannan hali zai fi mata sauƙi ta nemi B2 ɗin a Lissafi ko Fiziks, ta bar Kemistiri a B3, wanda maki 130 ne. Babban amfanin lissafin ke nan: yana nuna darasin da ya kamata a fi ba lokacin bita a 'yan kwanakin da suka rage.

Abubuwa biyu ne ke sa wannan adadi ya zama ƙiyasi. Na farko, ɗaliban makaranta suna da makin gwajin cikin aji da makarantunsu ke aikawa, wanda ke ɗaukar kashi 30, jarrabawar kanta kuma kashi 70. Makin aji mai kyau yana rage nauyin, mara kyau kuma yana ƙara shi. Na biyu, hukumar jarrabawa ce ke tsayar da iyakar kowane mataki bayan an gama duba takardu. Ƙarin maki biyar zuwa goma a kan abin da lissafi ya nuna shi ne kariyar ɗalibi daga waɗannan abubuwa.

Yadda ake gane burin ya yi nisa

Kafin a shiga raba maki, yana da kyau a duba iyakar sama. Ɗalibar da ke da 6.0 daga darussa biyu, ko da ta samu A1 a sauran ukun, iyakarta 18 ne. Idan jimillar da ake nema 80 ce maimakon 75, buƙatar sakandare za ta zama 21, alhali 20 ne iyakar ma'aunin. Duk lokacin da amsar ta wuce iyakar sama, takardun da suka rage ba za su iya cike giɓin su kaɗai ba. Sai a juya lissafin: 80 a cire 35 a cire 18 ya bar 27, wato sai ta samu A1 uku sannan ta ci 27 cikin 30 a jarrabawar tantancewa.

Wannan ya nuna nauyin kowane ɓangare. Hawa mataki ɗaya a darasi guda yana ƙara 0.4 ne kawai, daidai da maki 3.2 na UTME. Maki ɗaya a jarrabawar tantancewa kuwa ya fi matakai biyu na WAEC. Ɗalibin da giɓinsa ya kai maki huɗu ko biyar zai fi samun su a jarrabawar tantancewa. Idan a can ma abin bai yiwu ba, JAMB tana ba da damar sauya kwas ko makaranta, kuma gara a yi hakan kafin jami'o'i su rufe rajistar tantancewa.

Kurakuran da ke ɓata lissafi

Na farko shi ne saka darasin da bai shafi kwas ba. A1 a Hausa, Yarbanci ko Ilimin Ɗan Ƙasa ba ya shiga lissafin kwas ɗin da darussansa biyar na kimiyya ne.

Na biyu shi ne haɗa WAEC da NECO ba tare da duba sharaɗi ba. Jami'o'i da yawa suna karɓar zama biyu a wasu kwasa-kwasan, amma Jami'ar Legas kiredit biyar a zama ɗaya take nema. Ga mai neman irin wannan jami'a, NECO da ake rubutawa bayan WAEC wata dama ce ta daban, kuma dole darussan biyar su fito a cikinta gaba ɗaya.

Na uku shi ne ɗaukar makin bara a matsayin na bana. Iyakar makin kowane kwas tana fitowa ne bayan an ga ƙoƙarin masu nema da yawan guraben da ake da su, don haka tana hawa tana sauka. Ban da haka, jami'o'in tarayya suna raba gurabe gida uku: kashi 45 bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka ayyana a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimi. Iyakar cancanta ce ta fi tsawo, kuma ita ce mafi aminci a yi lissafi da ita.

Na ƙarshe yana zuwa ne bayan jarrabawa. Idan sakamako ya fito, wajibi ne a ɗora shi a manhajar CAPS ta JAMB, wadda ta nan ake tabbatar da kowane gurbi. Ɗalibin da ya yi rajista yana jiran sakamako kuma bai koma ya ɗora shi ba, ba za a ba shi gurbi ba ko da jimillarsa ta wuce abin da ake nema.