Siffantawa, nazari da aunawa: Bambancin da ke raba maki a jarrabawar rubutu

Sau da yawa ɗalibi kan cika shafi huɗu da bayanai na gaskiya, amma sakamako ya fito da maki na tsaka-tsaki. Galibi dalilin shi ne tambayar ta nemi wani aiki, shi kuma ya yi wani. A darussan siyasa, tarihi da aikin jarida, kalmar umarni da ke farkon tambaya kan nemi ɗaya daga cikin ayyuka uku: siffantawa, nazari ko aunawa.

Wannan rabe-rabe yana da asali a tsarin da masanin ilimi ɗan Amurka, Benjamin Bloom, da abokan aikinsa suka wallafa a 1956. Sun jera matakan tunani shida, inda tuna bayani yake ƙasa, nazari na huɗu, aunawa kuma a ƙololuwa. Da aka sabunta tsarin a 2001, an ɗora ƙirƙira a sama, aunawa ta koma ta biyar. Shi ya sa masu duba takarda kan ware kaso mai tsoka na maki ga matakan sama.

Misali guda zai nuna bambancin: zanga-zangar janye tallafin man fetur ta Janairun 2012 a Najeriya.

Siffantawa: me ya faru?

Siffantawa ita ce kawo abu yadda yake: wa, me, yaushe, a ina. Ɗalibi zai rubuta cewa a ranar 1 ga Janairun 2012 gwamnatin Goodluck Jonathan ta janye tallafin, litar fetur ta tashi daga naira 65 zuwa kimanin naira 141. Ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC suka shiga yajin aiki a ranar 9 ga wata, jama'a suka fito a Legas, Kano, Abuja da wasu birane. A ranar 16 ga wata gwamnati ta mayar da farashin naira 97, ƙungiyoyin suka dakatar da yajin.

Abin da mai dubawa ke nema a nan shi ne daidaito, tsari da iya zaɓen abin da ya kamata a ambata. Idan siffantawa kaɗai aka nema, wannan ya wadatar. Idan kuwa nazari ko aunawa aka nema, wannan shimfiɗa ce kawai, bai kamata ta wuce sakin layi ɗaya ba. Alamar rubutun da ya tsaya a nan ita ce jimlolinsa suna haɗuwa da "sannan" da "bayan haka", kuma kalanda ce ke jan ragamarsu.

Nazari: ta yaya, kuma me ya sa?

Nazari shi ne warware abu zuwa sassansa, a nuna yadda wani sashe yake shafar wani. A ce tambayar ita ce a yi nazarin dalilan da suka sa gwamnati ta ja da baya. Ɗalibi zai ware matsin lamba iri biyu. Na farko shi ne na titi: farashin ya ninka fiye da sau biyu a rana ɗaya, a lokacin da mutane da yawa suka yi tafiyar hutun ƙarshen shekara, don haka kuɗin mota ya sa kowa ya ji raɗaɗin nan take. Na biyu shi ne na aljihun gwamnati: yajin aiki ya rufe bankuna da ofisoshi, kuma ƙungiyar manyan ma'aikatan mai, PENGASSAN, ta yi barazanar dakatar da haƙo ɗanyen mai, wanda shi ne babbar hanyar samun kuɗin ƙasar.

Jera waɗannan biyu bai zama nazari ba tukuna. Nazari yana farawa ne sa'ad da aka nuna alaƙarsu. Taron jama'a ya ba shugabannin ƙwadago ƙarfin magana a teburin sulhu, amma makullin yajin aiki yana hannun ƙungiyoyin. Wannan ne ya bayyana abin da ya sa gangamin ya lafa da zarar an dakatar da yajin, duk da cewa farashin bai koma naira 65 ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar abin da ya biyo baya a matsayin sakamako. Saukar farashi bayan barazanar PENGASSAN ba ta tabbatar da cewa barazanar ce ta jawo hakan ba. Dole ɗalibi ya nuna hanyar da ta haɗa su, ya kuma auna ƙarfin lafazinsa da ƙarfin hujjarsa. Kowace "saboda" a takardarsa bashi ce, sai hujja ta biya.

Aunawa: an yi nasara, kuma da wane ma'auni?

Aunawa ita ce yanke hukunci kan ƙima ko nasarar abu, bisa ma'aunin da aka faɗa a fili. A ce tambayar ita ce a auna nasarar zanga-zangar. Matakin farko shi ne a faɗi abin da "nasara" take nufi.

Idan ma'aunin shi ne buƙatar masu zanga-zangar, wato komawa naira 65, lissafin a bayyane yake. Ƙarin da aka yi naira 76 ne, aka janye naira 44, aka bar naira 32. An kwashe fiye da rabin ƙarin, amma buƙatar ba ta cika ba. Idan ma'aunin shi ne ɗorewa, tallafin ya ci gaba na tsawon shekaru, amma farashin ya kai naira 145 a Mayun 2016, kuma a ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarewar tallafin. Idan ma'aunin shi ne tona asiri, Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti ƙarƙashin Farouk Lawan, wanda rahotonsa na Afrilun 2012 ya bankaɗo almundahana a biyan tallafin, ko da yake a 2021 kotu ta sami shi kansa Lawan da laifin karɓar cin hanci dangane da binciken.

Mataki na gaba shi ne a fifita ma'auni ɗaya, a kuma kare zaɓin. Ɗalibi na iya cewa buƙatar da aka fito dominta ita ce ma'aunin da ya fi adalci, domin ba a ɗora wa gangamin mako biyu alhakin manufofin gwamnatocin da suka biyo baya. A kan haka zai yanke cewa an sami nasara rabi da rabi. Sai ya fuskanci hujja mafi ƙarfi ta ɓangaren da ke ja da shi, wato cewa tsawaita tallafin ya ci kuɗin da za a iya zubawa a asibitoci da makarantu, ya kuma faɗi ko hujjar ta sauya hukuncinsa.

A nan ake yin kuskure biyu. Na farko shi ne ra'ayi tsagwaro, kamar a rubuta cewa an ci amanar talaka ba tare da ma'auni ba, abin da kan kama ɗaliban da siyasa ke tafasa a jininsu. Na biyu shi ne a jera amfani da illa, a rufe da cewa kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Wannan siffanta muhawara ce, ba a auna komai ba.

Gwaji kafin miƙa takarda

Ɗalibi na iya bin jimlolinsa ɗaya bayan ɗaya yana tambayar yadda za a ƙalubalanci kowace. Wadda duba tsohuwar jarida zai tabbatar ko ya ƙaryata, siffantawa ce. Wadda sai an kawo wani dalili na daban za a rusa, nazari ce. Wadda mai jayayya zai yarda da bayananta amma ya ƙi ma'auninta, aunawa ce. Idan tambaya ta ce a auna, kuma babu jimla ko ɗaya ta nau'i na uku, ba a amsa ta ba, komai tsawon takardar.