Ƙarfin Ja-Tsakiya a Shimfiɗaɗɗiyar Kwana da Karkatacciya: Nazari daga Titunan Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

Tsakure

Maƙalar ta kwatanta abin da ke riƙe mota a kwanar da ke shimfiɗe da wadda aka ɗaga gefenta na waje. Lissafi ya nuna cewa a matsattsun kwanonin cikin gari, riƙon taya ya fi karkatar titi tasiri nesa ba kusa ba.

Gabatarwa

Motar da ta taho ta Titin Zariya za ta karya kwana a Dangi ko ta shiga Tarauni, miƙewa za ta yi muddin ba a samu ƙarfin da zai ja ta zuwa tsakiyar kwanar ba. Isaac Newton ya yi bayanin wannan ƙarfi a 1687. Girmansa F = mv²/r, inda m ke nufin nauyin mota, v gudunta, r kuma nisan motar daga cibiyar kwanar. Idan gudu ya ninka, ƙarfin da ake buƙata sai ya ninka sau huɗu.

Shimfiɗaɗɗiyar kwana

A nan gogayyar taya da kwalta kaɗai ke samar da ƙarfin, don haka iyakar gudu ita ce v = √(μgr), inda μ ke auna riƙon taya, g kuma 9.8. Nauyin mota ya fita daga lissafin.

Mu ƙaddara kwana mai r na mita 25. A busasshiyar kwalta, inda μ ke kusan 0.7, iyakar kilomita 47 ce a awa. Idan ruwan damina ya sauka, ko rairayi ya taru a gefen titi, har μ ya koma 0.35, sai ta sauko zuwa 33. Direba zai gane ya kai iyaka idan tayoyi suka fara ƙara, yana murza sitiyari gaban motar yana zamewa waje.

Karkatacciyar kwana

Idan aka ɗaga gefen waje, titin da kansa yana tura motar ciki. Gudun da ba ya buƙatar gogayya yana fitowa daga tan θ = v²/rg, inda θ ke nufin kusurwar karkatar titin. Karkatar kashi 6 cikin ɗari a kwanar nan mai r na mita 25 tana ɗaukar kilomita 14 kacal a awa, kuma idan aka haɗa ta da μ na 0.35, iyakar ta tashi daga 33 zuwa wajen 36 ne kawai.

Kafin karkata ita kaɗai ta riƙe mota a kilomita 47, sai an jirkita titin da digiri 35. Wannan ba zai yiwu a Gyaɗi-Gyaɗi ba, domin a cunkoso, tirela mai lodi da ke tafe a hankali za ta sulale ciki ko ta kife.

Kammalawa

Karkata ta fi amfani a faffaɗan kwanonin manyan hanyoyi, inda ake gudu sosai. A cikin gari kuwa, muna kira ga hukumomi su riƙa kwashe rairayi da yashe magudanai, direbobi kuma su rage gudu tun kafin su shiga kwana, su daina hawa tayar da ta suɗe.