Gidan Bronx, Masu Kallo a Kano: Wuri da Harshe wajen Rarraba Bidiyon Bahaushen Ƙetare

Akwai wani imani da ya yaɗu tsakanin Hausawa mazauna ƙasashen waje da ke ɗora bidiyo a intanet, cewa zama a ƙetare shi ke hana aikinsu kaiwa gida. Saboda haka wani zai aika a kawo masa layin wayar Najeriya, wani ya kunna VPN, wani kuma ya sauya ƙasar da ke rubuce a tasharsa. Abin da wannan maƙala ke son nunawa shi ne, galibin wannan fafutuka ana yin ta ne a ɓangaren da bai fi tasiri ba. Abin da ya fi yanke hukunci yana wajen mai kallo: inda yake zaune, harshen da wayarsa ke kai, da abin da ya yi a daƙiƙun farko da bidiyon ya bayyana gabansa. Kuma a nan ne Hausa take da wata matsala tata ta daban.

Kamfanonin da kansu sun bayyana wani abu game da yadda suke aiki. A shekarar 2016 wasu injiniyoyin Google uku, Paul Covington da Jay Adams da Emre Sargin, sun wallafa takarda kan tsarin da YouTube ke bi wajen ba mai kallo shawarar abin da zai kalla. Sun nuna cewa aikin mataki biyu ne. Da farko ana tsamo 'yan ɗaruruwan bidiyo daga cikin miliyoyi, bisa abin da mutum ya kalla a baya, da abin da ya nema, da yankin da yake. Daga nan sai a jera su gwargwadon tsawon lokacin da ake hasashen zai ɗauka yana kallo, kuma cikin abubuwan da ake dubawa a wannan mataki har da harshen mai kallo da harshen bidiyon. Tsarin ya sauya sosai tun lokacin, amma ginshiƙinsa yana nan: mai kallo ake nema wa bidiyo. TikTok kuma, a watan Yunin 2020, ya fitar da bayani kan shafin For You, inda ya ambaci abubuwa uku, wato mu'amalar mai kallo, da bayanan bidiyo irin su rubutun da ke ƙasa da sauti da alamar #, sannan saitin waya da na asusu, ciki har da harshe da ƙasa. Ya ce wannan na ukun ana ba shi nauyi kaɗan idan an kwatanta da, misali, kallon bidiyo har ƙarshe.

To, ina Bahaushe mai kallo yake a wannan lissafi? Wayar mutumin Kano ko Kumasi galibi tana kan Turanci, ta mutumin Maraɗi ko Garwa ko Njamena tana kan Faransanci, ta Bahaushen Sudan ko mazaunin Jidda kuma sau da yawa Larabci ce. Manhajar YouTube ta daɗe tana da Suwahili da Zulu da Amharik a jerin harsunanta, ba tare da Hausa ba. Wannan na nufin cewa idan aka tambayi saitin waya, kusan babu wani rukuni da ake kira masu jin Hausa. An rarraba su a ƙarƙashin harsuna uku da ƙasashe da dama. Baturkiyar da ke zaune a Jamus tana ɗora bidiyon Turkanci tana da tagomashin da Bahaushiyar Amurka ba ta da shi, domin miliyoyin wayoyi suna shelanta cewa masu su Turkanci suke ji. Mai jin Hausa kuwa ba a gane shi sai ta sawunsa: ya kalli Labarina ko Daɗin Kowa, ya saurari tafsiri, ya bi BBC Hausa. Wannan sawun shi ne kaɗai shaidar harshensa, don haka duk abin da ya gurɓata shi a kwanakin farko na tasha yana yi mata lahanin da ya fi wanda zai yi wa tashar wani babban harshe.

Mu ɗauki misali na ƙaddarawa. A ce wata mata 'yar Kano tana zaune a Bronx cikin birnin New York, inda Hausawan Ghana da Nijar da Najeriya ke da yawa, tana koyar da girki da Hausa: yadda ake tuwo da garin da ake samu a kantunan can, ko abin da zai maye gurbin daddawa idan ta yanke. Ta ɗora bidiyon minti ɗaya a TikTok. Manhajar ta san kusan inda take, domin ƙa'idojinta sun faɗi cewa tana gane wuri ta layin waya da adireshin intanet, kuma abin da masu wannan sana'a suka daɗe suna lura da shi shi ne sabon asusu yakan fara da mutanen ƙasar da yake. A ce an nuna wa mutum 1,000. Daga ciki 700 ba su jin Hausa, suka wuce bayan daƙiƙa 2; sauran 300 suka tsaya daƙiƙa 40. Jimillar kallo ta zama daƙiƙa 1,400 da 12,000, wato 13,400, matsakaici kuwa daƙiƙa 13 da ɗoriya. A idon na'ura wannan bidiyo ne da aka kalli ƙasa da rubu'insa, alhali duk wanda ya fahimci maganar ya kalli kashi biyu cikin uku. Bidiyon bai yi laifin komai ba, an dai yi tallar fura ne a unguwar da ba a shan ta.

Abin da matar za ta iya yi nan take, kuma mutane da yawa ke yi, shi ne ta ƙara Turanci: take da Turanci, gaisuwa da Turanci, sannan ta koma Hausa. A ganina wannan ya fi kowane kuskure tsada. Taken Turanci yana gayyato wanda zai danna ya fita da zarar ya ji harshen da bai sani ba, kuma kowace fita tana ƙara tabbatar wa tsarin cewa bidiyon ba ya riƙe mutane. Take da Hausa, da magana da Hausa tun daga kalmar farko, suna korar wanda ba nasa ba ne tun kafin ya shiga lissafi, musamman a YouTube inda sai an danna ake kallon dogon bidiyo. Sai dai a tuna cewa mai nema a waya ba kasafai yake sa lanƙwasa ba. Zai rubuta "yadda ake hada" ko ma "yanda ake hada", ba "haɗa" ba, don haka mai hikima yakan bar ingantaccen rubutu a take ya sa ɗaya salon a cikin bayanin da ke ƙasa.

Saitin da ke hannun mai tasha yana da aikinsa, amma a san iyakarsa. A YouTube Studio, gurbin `Video language` yana da Hausa, kuma ya kamata a zaɓe ta. Wanda ya bar shi a kan Turanci ya ba da bayanin ƙarya game da kayansa, kuma zai iya tarar da rubutacciyar fassarar magana ta atomatik tana zuba shirmen Turanci a ƙasan allo. Shi kuwa `Country of residence` maganar cancantar shiga shirin biyan kuɗi yake yi, shirin da cikakken matakinsa ke buƙatar mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Sauya shi daga Amurka zuwa Najeriya ba zai tura bidiyo Sabon Gari ba. Hanyar da ta fi kai wa gida ita ce mafi tsufa: a tura mahaɗin bidiyon zuwa zaurukan WhatsApp na dangi da ƙawaye, su kalla a cikin manhajar, sawunsu ya nuna wa tsarin irin mutanen da zai ci gaba da nema.

Za a iya cewa ai akwai waɗanda suka sa layin Najeriya a TikTok kuma suka ga canji. Ban musa ba, tunda wuri yana cikin abubuwan da manhajar ta ce tana dubawa, kuma ga asusun da bai da tarihi ko kaɗan, ƙaramin ma'auni ma yakan rinjaya. Amma tasirin na farkon tafiya ne, yana raguwa yayin da mabiya na gaskiya ke taruwa. Yana kuma da farashi: shirin TikTok na biyan masu bidiyo ya fara ne a ƙasashe ƙalilan, irin su Amurka da Birtaniya da Jamus da Faransa, ba tare da Najeriya ba. Matar Bronx da ta mayar da asusunta tamkar na Kano tana iya rufe wa kanta ƙofar da zamanta a can ya buɗe mata.

Ana gane inda matsala take ta hanyar raba alƙaluma ƙasa-ƙasa. A sashen `Audience` na YouTube Studio akwai `Top geographies`, kuma `Advanced mode` yana nuna matsakaicin tsawon kallo na kowace ƙasa. Idan Najeriya da Nijar da Ghana da Saudiyya suna kallo da tsawo, Amurka kuma tana da yawan dannawa da gajeren zama, to an kai bidiyon inda bai dace ba, gyaran kuma yana take da hoton bango. Idan har mutanen gida ma suna fita da wuri, wuri da harshe ba su da laifi. Batun lokaci kuma yana da sauƙi: New York tana bayan Kano da awa 6 daga Nuwamba zuwa Maris, da awa 5 a sauran watanni, don haka wanda ya buɗe shirin kai-tsaye ƙarfe 8 na dare a watan Janairu yana magana ne da Kano ƙarfe 2 na dare. Idan bayan isha'i ake so, sai ƙarfe 3 na yamma agogon can. Wannan ya fi shafar shirin kai-tsaye, domin YouTube ya ce lokacin ɗorawa ba a san yana sauya makomar bidiyo a dogon zango ba.

Akwai wani saɓani da saiti ba ya warwarewa. Kuɗin talla yana bin ƙasar mai kallo, kuma masu talla suna biyan kallon Amurka ko Birtaniya fiye da na Najeriya nesa ba kusa ba. Ke nan mutanen da suka fi riƙe bidiyon matar nan su ne mafi ƙarancin kawo mata kuɗi, waɗanda suka fi kawo kuɗi kuma, wato Hausawan ƙetare irinta, ba su da yawa kuma a warwatse suke. Sannan wani ɓangare na masu kallonta na gida ba ya bayyana ko kaɗan: wanda ya sauke bidiyon ya tura wa mutum goma ta Xender, ko mai shagon tura finafinai da ya zuba shi a katin waya, duk ba sa shiga alƙaluma. Saboda haka taswirar da take gani a allonta ta karkata zuwa ga masu wadatar data, kuma idan ta gina shawararta a kanta kaɗai, sannu a hankali za ta koma dafa abin da ya dace da kicin ɗin Bronx da Landan, ko da mafi yawan masu jin muryarta a Kurna da Damagaram suke.