Kiyasin tsayin ƙarfen sabis da wayar hannu

Kiyasin tsayin ƙarfen sabis da wayar hannu hanya ce ta gano tsayin turken sadarwa ba tare da an hau shi ba. Abu biyu ake aunawa: nisan da mutum ya taka daga gindin ƙarfen, da kusurwar da waya ta karkata idan aka saita ta da ƙololuwarsa. Lissafin alwatika ne irin wanda ake koyarwa a babbar sakandare. Masu gini a kusa da ƙarfen kan yi amfani da shi don sanin inda zai iya kaiwa idan ya faɗi.

Yadda ake yi

Wayoyin zamani suna da na'urar da ke jin jan ƙasa, kuma da ita manhajojin awon karkata suke nuna kusurwa da digiri. Mai awo zai riƙe wayar a daidai idonsa, ya bi dogon gefenta da kallo har ya daidaita da kan ƙarfen, wani na tsaye a gefe ya karanta lambar. Idan ya sauke wayar don ya karanta da kansa, kusurwar ta riga ta canza. Ƙa'idar ita ce:

h = d × tan θ + e

A nan h shi ne tsayin ƙarfen, d nisa, θ kusurwa, e kuma tsayin idon mai awo daga ƙasa.

Kafin komai sai mutum ya san tsawon takunsa. Wanda ya yi mita 30 da taku 40, kowane takunsa mita 0.75 ne. Nisan kuma daga tsakiyar gindin ƙarfen ake ƙirga shi, ba daga katangar da ta kewaye shi ba, kuma nan ne mutane da yawa suke kuskure.

Misali

A ce ɗalibi ya yi taku 52 daga katanga, wato mita 39, kuma daga katangar zuwa tsakiyar ƙarfen akwai mita 6. Nisan ya zama mita 45. Waya ta nuna digiri 38, kuma tan 38° ya kai 0.781. Idan aka ninka 45 da 0.781 za a samu mita 35.1, a ƙara tsayin ido mita 1.6, a tashi da kusan mita 37. Idan amsar ta fito wajen mita 14 kafin a ƙara tsayin ido, kalkuletar tana kan RAD ne maimakon DEG. Ana gane haka da danna tan 45, wanda dole ya ba da 1.

Inda ya fi dacewa a tsaya

Hannu yana rawa, don haka kuskuren digiri ɗaya abu ne da aka saba. A nisan mita 45, wannan kuskuren yana canza amsa da mita 1.3 kacal. Idan aka tsaya a mita 10, inda kusurwar ta kai digiri 74, sai ya zama mita 2.4, a nisan mita 150 kuma ya kusa mita 3. Kuskuren ya fi ƙanƙanta a wajen digiri 45. Shi ya sa wasu ba sa taɓa kalkuleta: suna ja da baya har waya ta nuna 45, sai nisan da suka taka haɗe da tsayin ido ya zama tsayin ƙarfen.

Ƙasa mai gangare

Ƙa'idar da ke sama ta ɗauka cewa mai awo da gindin ƙarfen suna kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ɗaya. A yawancin filayen Bebeji da Kiru hakan ba ya da wuyar samu. A ƙaramar hukumar Doguwa kuwa, da ke ƙarshen kudancin jihar Kano, ƙasar tana da duwatsu da tuddai, musamman a yankin Riruwai, kuma kamfanoni sun fi son kafa ƙarfe a kan tudu domin sabis ya yi nisa. Wanda ya tsaya a ƙasan tudu ya yi awo ɗaya, ya haɗa tsayin tudun ne da na ƙarfen.

Maganin shi ne a auna kusurwa biyu daga wuri ɗaya, ta ƙololuwa (α) da ta gindi (β):

h = d × (tan α − tan β)

A nan ba a ƙara tsayin ido. Idan nisan mita 45 ne, ƙololuwa ta ba da digiri 43, gindi ya ba da digiri 8, to 0.933 a debe 0.141 ya rage 0.792, tsayin ya zama mita 35.6. Da an yi amfani da ƙa'idar farko da an samu mita 43.6, ƙarin mita 8 ke nan da babu su. Idan mai awo ne yake sama da gindin, yana kallonsa ƙasa, sai a haɗa biyun maimakon a debe.

Nisan da aka taka a gangare ya ɗan fi nisan miƙe tsawo, amma bambancin ba shi da yawa: a gangaren digiri 10, tafiyar mita 45 daidai take da mita 44.3. Abin da ya fi ɓata lissafi shi ne taku yana gajarta a hawa, don haka ya fi kyau a auna tsawon takun a kan gangaren da za a yi aikin.